Yadda ake fitar da rubutun ƙasan bidiyo daga rubutaccen jawabi, da yadda ake gane lokacinsa ya kauce

A Makka da Madina da Jidda akwai matasan Hausawa da yawa da ke ɗaukar karatun malamai a bidiyo, musamman bayanin Umara da aikin Hajji, domin a tura wa maniyyata da alhazan da suka riga suka sauka. Irin wannan bidiyo sau da yawa ana kallonsa ne a cikin motar safa, ko a harabar masauki a Misfala inda hayaniya ba ta barin mutum ya ji komai, ko a ɗakin da wasu ke barci. Saboda haka ake buƙatar rubutun da ke fitowa a ƙasan hoto, wanda masu sana'ar ke kira sabtaitil. Wannan jagora ta ɗauka cewa an riga an zauna an rubuta duk abin da malam ya faɗa kalma bayan kalma, abin da ya rage shi ne a mayar da wannan rubutu fayil mai ƙarewa da `.srt`, sannan a tabbatar kowace jimla tana fitowa daidai lokacin da ake furta ta. Misalin da za mu bi daga farko zuwa ƙarshe shi ne bidiyo mai tsawon kusan minti 18 na bayanin Umara da Hausa.

Siffar fayil ɗin

Fayil ɗin srt rubutu ne tsagwaronsa, ana iya buɗe shi da `Notepad` a karanta. An gina shi gaɓa-gaɓa, kuma kowace gaɓa tana da abubuwa huɗu a jere: lambarta, sai lokacin shigowa da na fita, sai rubutun da kansa, sai layi guda da aka bari babu komai a cikinsa. Ga gaɓa biyu daga bidiyon namu:

```
31
00:02:05,200 --> 00:02:09,800
Idan ka shiga Masallacin Harami,
sai ka fara ɗawafi daga Hajarul Aswad,

32
00:02:09,900 --> 00:02:12,900
Ka'aba tana hagunka,
har ka cika zagaye bakwai.
```

Ana karanta lokacin ne daga hagu: awa, minti, sakan, sannan milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Abin da ke raba sakan da milisakan waƙafi ne, ba aya ba. Ayar ta tsarin fayilolin `.vtt` ce. Kibiyar da ke tsakiya kuwa karan ɗori biyu ne da alamar `>`, da tazara guda a kowane gefe. Ga mu da ke aiki da kwamfutocin da aka saita da Larabci akwai tarko a nan wanda mazauna Kano ko Yamai ba su cika haɗuwa da shi ba. Idan mutum ya gyara lokaci da hannu alhali madannan suna kan Larabci, waƙafin da zai fito yana iya zama na Larabci, `،`, wanda a ido ɗan juyewa kawai ya yi, amma manhajar da ke kunna bidiyo ba ta ɗaukarsa a matsayin waƙafi. Haka ma alƙaluman lissafi irin na rubutun Larabci. Alamar hakan ita ce gaɓa ɗaya ta ɓace gaba ɗaya daga allo, ko kuma layin lokacin ya fito a manne da rubutun gaɓar da ta gabace shi.

Yanka jawabin kafin a taɓa agogo

Mafi yawan ingancin aikin a nan ake samunsa ko a rasa shi, don haka bai kamata a yi gaggawa ba. A buɗe rubutaccen jawabin, a fara cire abin da baki ke yi amma ido ba ya buƙata: maimaita kalma saboda tari, da "to, to" da ake yi ana neman shafi, da gyaran murya. Amma ba a taɓa hukunci, ba a taɓa aya ko hadisi ko addu'a, kuma ba a sauya wa malam kalma da wadda ake ganin ta fi ta kyau.

Daga nan sai yanka. Ma'aunin da aka fi bi a wannan fanni shi ne kada layi ya wuce harafi 42, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kada gaɓa ta wuce layi biyu, kada ta zauna a allo ƙasa da kusan sakan ɗaya ko fiye da sakan bakwai. Waɗannan iyakoki ne kawai, ba su ke faɗa wa mutum inda zai yanka ba. Wurin yanka nahawun Hausa ne ke nuna shi. Ba a raba wakilin suna da aikatau ɗinsa, wato kada "ya" ta ƙare layi "tafi" ta buɗe na gaba. Ba a raba kalma mai ɗauke da mahaɗi da wadda ta jingina da ita, kamar a ce "Masallacin" a sama "Harami" a ƙasa. Ba a barin "da" ko "a" ko "ga" tana reto a ƙarshen layi.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne korewa. A ɗauka malam ya ce: "Ba ya halatta ga mai harami ya sa turare." Idan aka bar manhaja ta yanka da kanta bisa ƙidayar haruffa, tana iya barin "Ba" a wutsiyar gaɓar da ta gabata, sai gaɓa ta gaba ta tsaya a allo sakan uku tana cewa "ya halatta ga mai harami ya sa turare". Wanda ya ɗago kai a daidai wannan lokaci, ko wanda ya ɗauki hoton allon ya tura wa ɗan'uwansa, ya tafi da kishiyar hukuncin. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake ganin yankan jawabin malami aikin hannu ne, kuma wanda ya san harshen ne ya kamata ya yi shi. Duk inda "ba" ta buɗe korewa, a yi ƙoƙari ita da abin da take korewa, da "ba" ta rufewa idan akwai, su zauna a gaɓa guda, ko da hakan zai sa gaɓar da ke gabanta ta gajarce.

Addu'o'in Larabci, irin su talbiyya, a ba su gaɓarsu daban idan da haruffan Larabci za a rubuta su. Rubutun da ke tafiya daga dama da wanda ke tafiya daga hagu idan suka haɗu a layi ɗaya, aya da waƙafi sukan sauka a gefen da ba nasu ba, kuma kowace manhaja da yadda take jera su.

Idan an gama, a tsara rubutun ta yadda kowace gaɓa ke tsaye ita kaɗai, da layi marar komai tsakaninta da mai bi mata, a adana shi a matsayin `.txt` da tsarin `UTF-8`.

Ɗora lokaci

Manhajar da zan yi misali da ita ita ce `Subtitle Edit`, wadda kyauta ce kuma tana aiki a `Windows`. A shigo da rubutun ta hanyar shigo da `Plain text` da ke ƙarƙashin `File`, a zaɓi `Split at blank lines` domin ta mutunta yankan da aka yi da hannu. Za ta ba kowace gaɓa lamba da lokaci, sai dai wannan lokaci ƙiyasi ne daga tsawon rubutu, ba shi da alaƙa da muryar malam, kuma duka za a sauya shi.

Sai a buɗe bidiyon, a danna filin da ke ƙasa domin manhajar ta zana igiyar sautin. Wannan zane shi ne abin dogaro, domin a cikinsa ana ganin inda magana ta tashi kamar tudu da inda shiru ya kwanta. Kunne da yatsa kullum suna makara: kafin mutum ya ji kalma ya gane ta ya danna, wani yanki na sakan ya riga ya wuce, kuma idan da haka aka yi dukan fayil ɗin, kowace gaɓa za ta riƙa shigowa a bayan murya. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a yi zagaye biyu. A na farko a kunna bidiyon, a shafin `Adjust`, a riƙa danna `F11` inda jimla ta fara da `F10` inda ta ƙare, wanda shi ne ke wucewa zuwa gaɓa ta gaba, ba tare da tsayawa neman daidaito ba. A na biyu a koma kan zanen, a kama gefen kowace gaɓa da linzami, a ja shi zuwa gindin tudun sautin.

Shigowar gaɓa ita ce ke buƙatar tsanani, domin ido yana saurin lura idan rubutu ya riga murya ko ya makara. Fitarta kuwa tana da sassauci, ana iya barinta ta ɗan jima bayan malam ya yi shiru idan babu wata magana a gaba. Tsakanin gaɓa da gaɓa a bar ɗan gibi na kamar firam biyu, wato milisakan 80 a bidiyo mai firam 25 a sakan, domin ido ya ga cewa rubutu ya sauya. Firam shi ne hoto guda daga cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo. Kada kuma lokacin fitar wata ya shiga cikin lokacin shigowar mai bi mata, domin wasu manhajoji za su ɗora su kan juna, wasu kuma su jefar da ɗaya.

Sauran abin dubawa shi ne saurin karatu, wanda manhajar ke nunawa da `Chars/sec`, wato yawan haruffa a raba da yawan sakan. Gaɓa ta 31 a misalinmu tana da harafi 32 a layin sama da 38 a na ƙasa, jimla 70, kuma tana zaune sakan 4.6, abin da ya ba da kusan harafi 15 a sakan. Wannan ya yi. Gaɓa ta 32 tana da harafi 46, amma malam ya furta ta da sauri, ya gama a `00:02:12,000`, wato sakan 2.1 kacal, kusan harafi 22 a sakan. Da yake ya ɗan numfasa bayan jimlar, sai aka ja fitarta zuwa `00:02:12,900`, ta samu sakan uku cif, saurin ya sauko kusan 15. Manyan kamfanonin fina-finai suna yarda da 17 zuwa 20, amma masu kallonmu da yawa dattawa ne waɗanda karatun boko ba shi ne aikinsu na kullum ba, wasu ma ajami ko Larabci suka fi saurin karantawa. A ganina a tsaya a wajen 15, kuma duk gaɓar da ta haura 17 a nemi yadda za a ƙara mata lokaci ko a rage mata kalmar da ba ta ɗauke da hukunci.

Binciken lokaci a wuri uku

Yanzu a ɗauka an gama fayil ɗin a kan bidiyon da aka ɗauko daga kyamara, an miƙa bidiyon ga mai tacewa, ya dawo da wanda za a yaɗa, sai aka ga rubutu yana riga murya. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a duba jimlar farko kawai, a tura dukan fayil ɗin gaba da abin da ya kauce, a ɗauka an gama. Kaucewar lokaci iri uku ce, kowace da maganinta, kuma ba a gane wadda ake fama da ita sai an auna a wuri uku: kusa da farko, da tsakiya, da kusa da ƙarshe.

A kowane wuri a zaɓi gaɓar da ta fara bayan shiru, da kalma mai kaifin farko irin mai farawa da k ko t ko b, domin tudunta a zanen sauti yana tashi tsaye, ba kamar mai farawa da wasali ko h ba. A rubuta lokacin da fayil ya ce, da lokacin da muryar ta fara a sabon bidiyon. Ga abin da aka samu a misalinmu:

```
srt            murya          bambanci
00:00:12,000   00:00:18,010   6.0
00:08:40,000   00:08:46,520   6.5
00:17:20,000   00:17:27,040   7.0
```

Da a ce bambancin ya tsaya a 6.0 a duka wuraren uku, da matsalar mai sauƙi ce: an ƙara wani abu mai tsawon sakan shida a farkon bidiyo, kamar allon suna da tambari. Maganinsa shi ne `Adjust all times` a ƙarƙashin `Synchronization`, a rubuta sakan shida, a tura duka layuka gaba. Wanda ya saba da `ffmpeg` yana iya yin haka da umarni guda:

```
ffmpeg -itsoffset 6 -i umara.srt -c copy umara_sabo.srt
```

Da a ce kuma bambancin 6.0 ne a farko da tsakiya, sai ya yi tsalle zuwa wani adadi a ƙarshe, to an yanke wani abu ko an cusa wani abu a tsakanin wuri na biyu da na uku. Ana gano wurin ne ta hanyar raba tazarar biyu a duba tsakiyarta, a sake raba ɓangaren da ya kauce biyu, har a kai ga gaɓar da tsallen ya fara. Daga ita zuwa ƙasa kawai ake turawa, waɗanda ke sama ba a taɓa su. Idan yankewa aka yi, a tuna a goge gaɓoɓin maganar da aka cire.

Amma namu ba ko ɗaya daga cikin biyun ba ne. Bambancin yana ƙaruwa a hankali kuma daidai wa daida, rabin sakan zuwa tsakiya, sakan guda zuwa ƙarshe, kuma wannan alama ce ta cewa saurin bidiyon da kansa ya sauya. Fayil ɗin srt bai san firam ba, agogo kawai ya sani, saboda haka sauya yawan firam ba ya cutar da shi matuƙar tsawon bidiyon bai sauya ba. Matsalar tana zuwa ne idan aka ɗauki firam ɗin nan dai aka kunna su da wani sauri daban, bidiyo da sautinsa suka miƙe ko suka tsuke. Ana gano girman miƙewar da lissafi ɗan kaɗan: tazarar farko zuwa ƙarshe a murya, a raba ta da tazarar farko zuwa ƙarshe a fayil.

```
(1047.04 - 18.01) / (1040 - 12) = 1029.03 / 1028 = 1.001
```

Wannan lamba 1.001 sananniya ce, ita ce abin da ake samu idan aka raba 30 da 29.97, ko 24 da 23.976, kuma tana jawo kaucewar sakan 3.6 a kowace awa. A bidiyon minti uku ba wanda zai lura, amma a karatun awa guda rubutun ƙarshe zai riga malam da jimla sukutum. Wadda ta fi ta muni ita ce 1.0427, wato 25 a raba da 23.976, wadda ke kaucewa da fiye da sakan biyu da rabi a kowane minti, ita kam tun minti na biyu ake ganinta. Ana iya tabbatar da zato ta hanyar tambayar bidiyo biyun yawan firam ɗinsu:

```
ffprobe -v error -select_streams v:0 -show_entries stream=r_frame_rate,avg_frame_rate -of default=nw=1 umara.mp4
```

Idan tsohon ya nuna `30/1`, sabon ya nuna `30000/1001`, an gano dalili. To a misalinmu matsala biyu ce a haɗe, miƙewa da kuma ƙarin sakan shida a farko, kuma jerin gyaran yana da muhimmanci. A fara da `Change frame rate`, daga 30 zuwa 29.97, wanda zai ninka kowane lokaci da 1.001, sannan a ƙara sakan shidan. Jimlar ƙarshe za ta tashi daga sakan 1040 zuwa 1041.04, da ƙarin shida ta zama 1047.04, daidai inda murya take. Idan lambar da lissafi ya bayar ba ta yi kama da ko ɗaya daga cikin sanannun ba, misali mai tacewa ya ɗan ƙara wa bidiyo sauri don ya gajarce, sai a yi amfani da `Point sync`: a nuna wa manhajar ainihin lokacin gaɓar farko da na ta ƙarshe, ita za ta baje sauran a tsakani. Sai dai wannan hanya tana aiki ne kawai idan ma'aunin tsakiya ya faɗo a kan hanya ɗaya da sauran biyun. Idan akwai yanka a tsakiya aka yi `Point sync` da wuri biyu, farko da ƙarshe za su yi daidai, duk abin da ke tsakaninsu kuma ya lalace.

Wani abin lura game da manhajar kunna bidiyo ta `VLC`: madannan `G` da `H` suna matsar da rubutu baya ko gaba da milisakan 50 a kowace dannawa, kuma suna da amfani wajen saurin gane girman kaucewa. Amma ba sa taɓa fayil ɗin, da zarar an rufe manhajar gyaran ya tafi, kuma wanda aka tura wa zai ga matsalar yadda take.

Bayan kowane gyara a sake auna wuraren nan uku, sannan a gudanar da `Fix common errors` da ke ƙarƙashin `Tools`, wanda ke nuna gaɓoɓin da suka hau juna, da masu gajeren lokaci, da masu dogon layi. A karanta abin da ya ba da shawara kafin a amince, a kuma cire alamar da ke kan duk gyaran da ya shafi sake karya layi ko sauya haruffa, domin ƙa'idojinsa ba na Hausa ba ne.

Haruffa masu ƙugiya da fitar da bidiyo

Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna lalacewa ta hanya uku, kuma siffar lalacewar ce ke nuna dalili. Idan "ƙarfe" ta koma `?arfe`, an adana fayil ɗin da tsarin `ANSI`, wanda a kwamfutar da aka saita da Larabci yake nufin `Windows-1256`, tsarin da babu waɗannan haruffa a cikinsa. Harafin ya riga ya salwanta, sai an koma ga rubutun asali. Idan ƙ ta fito a matsayin `Æ™`, ko `ئ™` a na'urar Larabci, fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, mai karanta shi ne bai gane `UTF-8` ba ne, sai a gyara saitin manhajar. Idan kuwa ɗan akwati ne ya fito a gurbin harafin, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da shi, sai a koma ga wanda ke da shi, kamar `Noto Sans` ko `DejaVu Sans`.

Ga wanda zai kalla a kwamfuta, ya isa a ajiye fayil biyun a wuri ɗaya da suna ɗaya, `umara.mp4` da `umara.srt`, manhajar za ta ɗauko rubutun da kanta. Amma alhazanmu ta `WhatsApp` bidiyo ke isa gare su, kuma fayil ɗin srt ba ya bin bidiyo idan aka tura shi, don haka sai an ƙona rubutun a jikin hoton:

```
ffmpeg -i umara.mp4 -vf "subtitles=umara.srt:force_style='FontName=Noto Sans,FontSize=22'" -c:a copy umara_rubutu.mp4
```

Dole salon rubutun da aka ambata ya kasance an girka shi a kwamfutar, in ba haka ba manhajar za ta ɗauko wani a madadinsa ba tare da ta tsaya ba. Rubutun da aka ƙona ba ya gyaruwa, kuma bidiyon da ya shiga zaurukan alhazai ba a iya janyo shi, saboda haka kafin a saki komai a tura wa kai a waya, a kalle shi sau ɗaya da sauti don lokaci, sau ɗaya kuma a kashe sautin a bi rubutun kaɗai, domin a nan ne ake ganin gaɓar da ta wuce kafin a gama karanta ta. A ajiye fayil ɗin srt tare da ainihin bidiyon da aka daidaita shi da shi, a rubuta tsawon bidiyon a cikin sunan jakar, domin idan aka zo yin fassarar Larabci ga 'ya'yan Hausawan da aka haifa a nan, lambobi da lokutan ba sa sauyawa, layukan rubutu kawai za a musanya, a sake duba `Chars/sec` na kowace gaɓa.